An ce in yi jawabin bankwana a walimar ritayar shugabarmu a Landan

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Landan, shekarata 3 da zuwa. Sistar da ke shugabantar sashenmu, Baturiya ce, za ta yi ritaya bayan shekara 31 tana aiki. Za a yi mata walima ranar Juma'a ta sama da daddare a wani gidan cin abinci, mutum kamar 40. Manajarmu ta ce ni zan yi ɗan gajeren jawabin nan da ake rufewa da ɗaga kofi. Sistar nan ta riƙe ni da amana, a azumina na farko ita ke tsaya mini a kan marasa lafiyata in je in sha ruwa. Ban taɓa magana a taron Turawa ba, kuma ba na shan giya. Me zan ce, minti nawa zan yi, kuma yaya zan yi da kofin?

Daga wata 'yar'uwarku a Landan

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Minti 2 za ki yi. In kin zarce, kada ki wuce 3. Mai magana a natse a gaban jama'a, da harshen da ba a cikinsa aka haife shi ba, yakan faɗi kalma 110 zuwa 130 a minti ɗaya, saboda haka kalma 220 zuwa 260 na Turanci kike bukata, wato abin da bai cika shafi ɗaya ba. Dalilin gajartar a fili yake: mutane na riƙe da kofi a hannu suna jiran ki ce a ɗaga, wasu a tsaye, masu kawo abinci kuma sun dakata a bakin ƙofa. Da an wuce minti 3 za ki ga an fara kurɓa a ɓoye, wani ya ajiye kofinsa, wani ya leƙa waya, kuma in hankali ya watse a irin wannan ɗaki ba ya dawowa.

Tun gobe ki sami manajar ki yi mata tambaya uku. Ta farko, wa da wa za su yi magana, kuma ke ce ta nawa? A al'adar wurin aiki a Birtaniya, shugaba ne ke kawo tarihin aiki: yaushe ta fara, sassan da ta riƙe, muƙaman da ta hau. In manajar za ta yi wannan, ke babu ruwanki da shi, maimaitawa ɓata minti ɗaya ne daga cikin biyun da kike da su. Ta biyu, a wane lokaci za a kira ki? Ki roƙi a sa ki bayan an kwashe farantan babban abinci, kafin a yanka kek. Kafin abinci mutane na jin yunwa kuma wasu ba su iso ba. Can cikin dare kuwa hayaniya ta yi yawa, waɗanda suka sha sun sha, masu aikin safe sun fara zamewa. Ta uku, akwai makirfo? Ɗakin mutum 40 ba dole sai da shi ba, amma ya kamata ki sani tun da wuri don ki yi gwaji da irin muryar da za ki yi amfani da ita.

Abin da ya fi ba mutanenmu wahala a wannan jawabi ba Turanci ba ne. Tarbiyyar taron gida ce ke biyo mu, kuma abin da yake ladabi a Kano ko Maraɗi yakan zo wa Bature da wata fuska dabam. A gida ba a fara magana sai an gaishe da shugaban taro, uwar taro, manyan baƙi, kowa da muƙaminsa. A nan jimla ɗaya ta isa: barkanku da yamma, ga sunana, ga alaƙata da ita. Ki kira ta da sunan da kowa ke kiran ta da shi a sashen, ko da bakinki na jin nauyin kiran babba da sunanta tsirara. In kika jero mata muƙamai za su ji kamar kina karanta takardar ofis.

Sai neman yafiya. Mu in za a rabu, sai a ce duk wanda aka ɓata wa ya yafe, kuma hakan na da kyau ƙwarai a wurinmu. Amma in kika tsaya a gaban Turawa 40 kika ce ta yafe muku abin da kuka yi mata, rabin ɗakin zai fara tunanin wane rikici aka yi a sashen da ba su ji labari ba, sauran rabin kuma su ɗauka matar ba ta da lafiya. In zuciyarki na son neman yafiyar, ki neme ta ke da ita a ranarta ta ƙarshe a wurin aiki, ki bayyana mata cewa haka ake yi a garinku. Za ta ji daɗinsa a can fiye da a bainar jama'a. Haka kuma ki kula da fatan hutu. "Ki huta lafiya" magana ce mai daɗi da Hausa, amma in aka juya ta kai tsaye zuwa Turanci tana dab da kalmomin da suke faɗa wa mamaci. Ki yi mata fatan doguwar ritaya mai daɗi, ko ki ambaci abin da za ta yi da lokacinta.

Batun shekaru ya fi duk waɗannan muhimmanci. A wurinmu ce wa mace dattijuwa ko uwa girmamawa ce. A can mace mai shekara 60 da ɗoriya na iya jin kamar an ce mata ta tsufa ta ba da wuri. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta sa shekaru cikin abubuwan da ba a yarda a muzanta ma'aikaci a kansu ba, kuma walimar da wurin aiki ya shirya ana iya ɗaukar ta a matsayin wani ɓangare na aiki ko da a waje aka yi ta. Tun 2011 ma aka soke tsarin da ke ba ma'aikata damar sallamar mutum don kawai ya kai 65, saboda haka yawanci ritaya zaɓin mutum ce, kuma dalilinsa nasa ne. Kada ki faɗi shekarunta, kada ki yi raha da mantuwa ko ciwon gwiwa, kada ki taɓa dalilin tafiyarta ko maganar fansho. Shekarun aiki kuwa, wato 31 ɗin nan, ki faɗe su da ƙarfi, abin alfahari ne. In kina son cewa ta zame miki kamar uwa, ki ɗaure maganar a jikinki: lokacin da kike nesa da taki uwar, ita ta kula da ke. Wannan kowa zai fahimce shi.

To me za ki faɗa? Labari ɗaya, kuma kin riga kin kawo shi a wasiƙarki. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera kyawawan halaye: tana da kirki, tana da haƙuri, tana da ƙwazo, tana son mutane. Duk gaskiya ne, amma ana iya faɗar haka a kan kowace mai ritaya a kowane asibiti, kuma babu wanda zai tuna da shi washegari. Labarin shan ruwan nan kuwa ita kaɗai ta yi shi, kuma ke kaɗai za ki iya ba da shi. Aikinki shi ne ki zauna ki tuno ƙananan abubuwan da ke cikinsa. Ƙarfe nawa ne? Me ta ce miki, da kalmominta? Ke kika roƙe ta ko ita ta lura? Sau ɗaya ta yi ko har ƙarshen wata? Waɗannan su ne ke sa mai sauraro ya ga abin a idonsa.

Mu ɗauka amsoshinki su ne: magariba na faɗuwa wajen ƙarfe 8, daidai lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa na dare, ba ki roƙe ta ba, kuma ta yi hakan har azumi ya ƙare. Ga yadda jawabin zai iya tsayuwa. Mun sa shi da Hausa don ki ga ƙashinsa, ke kuma ki gina shi da Turancin da kike yi kullum a wurin aiki.

"Barkanku da yamma. Ni ce Wance, shekara 3 ina aiki tare da Sista. Na zo ƙasar nan ban san kowa ba, kuma 'yan watanni da zuwana watan azumi ya kama. Ga waɗanda ba su sani ba, ba ma ci ba ma sha daga asuba har faɗuwar rana. A waccan shekarar rana na faɗuwa wajen ƙarfe 8, lokacin da sashenmu ya fi rikicewa. Ban gaya wa kowa ba, don ni sabuwa ce, ba na son a ce na zo da matsala. A rana ta uku Sista ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, je ki sha ruwa, minti 10, ina nan. Washegari ta sake zuwa. Haka ta yi ta yi har wata ya ƙare, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba daga baya. Da aka ce zan yi magana yau, na tambayi wasu daga cikinku, sai na tarar kusan kowa na da irin nasa labarin. Shekara 31 tana lura da abin da mutum bai faɗa ba, marar lafiya ne ko ma'aikaci. Sista, na gode. Mun koyi aiki a hannunki, kuma za mu yi wa sababbin zuwa yadda kika yi mana. Muna miki fatan doguwar ritaya mai daɗi, da lokaci mai yawa a lambun nan da kike ba mu labari. Ina roƙon kowa ya ɗaga kofinsa. Ga Sista!"

Ki lura da yadda aka raba lokacin. Gabatarwa daƙiƙa 10 ce kawai. Labarin ya cinye fiye da rabin jawabin, don shi ne jawabin. Jimlar da ta bayyana azumi tana da amfani, domin cikin mutum 40 akwai wanda bai san ba a shan ko ruwa ba, kuma in bai sani ba bai ga girman abin da ta yi ba. Daga nan aka faɗaɗa daga ke zuwa sauran jama'a, saboda kada jawabin ya zama labarinki maimakon nata. Amma wannan jimlar sai kin cika ta da gaskiya: ki tambayi abokan aiki biyu ko uku a cikin makon nan, musamman wanda ya fi kowa daɗewa da ita, kowa ya ba ki abu ɗaya da yake tunawa. In kin sami wani gajeren abu mai daɗi, ki ƙara shi a jimla ɗaya bayan neman izinin mai shi. Lambun da muka sa misali ne. Ki maye gurbinsa da abin da kika ji daga bakinta, tafiye-tafiye ne, jikoki ne ko rera waƙa a coci. In ba ta taɓa faɗa ba, kada ki ƙirƙira mata, kuma kada ki ambaci miji ko 'ya'ya sai kin tabbatar da halin da gidan ke ciki.

Akwai abu biyu da za ki duba a labarin kafin ki tsayar da shi. Na farko, kada marar lafiya ya shigo ciki ta yadda za a gane shi. Suna, lambar gado, irin ciwo da ranar da abin ya faru, duk ki bar su, domin a gidan cin abinci akwai ma'aikatan wurin da iyalan abokan aiki, kuma sirrin marar lafiya bai ƙare a ƙofar asibiti ba. Na biyu, kada labarin ya nuna ta karya ƙa'ida dominki. Cewa ta tsaya a madadinki minti 10 alheri ne. Da a ce sauya miki jadawali ta yi ta danne wasu, da ba labarin da za a bayar a gaban manaja ba ne.

Raha ba dole ba ce. Turawan Ingila na son tsokanar mai ritaya a irin wannan taro, kuma za ki ji wasu sun yi, amma tsokana ta fi zama a bakin wanda suka shekara 20 tare. Ke da ke da shekara 3, kuma ƙarama a kanta, gaskiya mai sauƙi ta fi miki.

Yanzu kofin. Wurin da jawabi mai kyau ya fi lalacewa shi ne ƙarshensa: mai magana ya gama labari, ya rasa yadda zai sauka, ya ce to shi ke nan, mutane su tsaya suna kallon juna ba su san ko a sha ko a tafa ba. Rufewar tana da tsari, ki haddace shi ko da kin karanta sauran. Ki juya ki fuskance ta a lokacin godiya. Ki komo ga jama'a ki ce kowa ya ɗaga kofinsa. Ki dakata daƙiƙa 3 ko 4, don wasu sai sun laluba kofin a kan tebur, wasu za su miƙe. Sai ki ɗaga naki daidai fuskarki, ki faɗi sunanta da ƙarfi. Za su maimaita sunan, kowa ya kurɓa, a tafa. Ke ma ki kurɓa ki zauna. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya bayan sunan, ko da kin tuna abin da kika manta, domin yawanci ita ce za ta tashi ta mayar da godiya.

Babu wanda zai duba abin da ke cikin kofinki. A walimar ma'aikatan asibiti a Landan za ki tarar da masu tuƙi, masu juna biyu, masu aikin asuba da sauran Musulmi, duk da lemo ko ruwa a hannu. Abin da za ki kiyaye shi ne tiren da ake zagayawa da shi dab da jawabi. Sau da yawa akwai wani haɗi da ake kira bakis fiz, ruwan lemo ne da aka gauraya da giya mai kumfa, kuma a ido da wuya ki bambanta shi da lemo zalla. Kada ki ɗauka daga tire sai kin tambaya. Abin da ya fi, ki je da kanki ki karɓi ruwa ko lemon kwalba minti 10 kafin a kira ki, a buɗe a gabanki. Haka kuma abubuwan da ake sayarwa a matsayin giyar da aka cire wa maye, wasunsu na ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100, saboda haka ki bar su gaba ɗaya.

Idan kuma damuwarki ta wuce abin da ke cikin kofi, ta kai ga zama a teburin da ake sha ko kiran mutane su ɗaga, wannan damuwa ce mai tushe, domin akwai hadisin da ya yi hani ga zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamin da kika yarda da shi ne zai ba ki hukunci a kan halinki. Ta fuskar tsari dai kina da mafita biyu da ba za su ɓata wa kowa ba. Kina iya yin jawabin har zuwa fatan alheri, sannan ki ce kin miƙa wa manaja, ita ta yi kiran ɗaga kofi, amma ku shirya haka tun kafin ranar don kada ta yi sororo. Ko kuma ki nemi yin jawabinki a ɗan shan shayi da kek da akan yi a sashen a ranar aikin mutum ta ƙarshe, wani ya yi na daren. Duk wanda kika zaɓa, ki gaya wa manajar a farkon mako, kada ki bari sai ranar Alhamis.

Wajen rubutawa, ki yi gajerun jimloli, kowace ta ƙare a numfashi ɗaya. Duk kalmar da harshenki ya yi tuntuɓe a kanta sau biyu a gwaji, ki canza ta da mai sauƙi. Kada ki ba wani ya mayar miki da shi Turancin littafi, domin abokan aikinki sun san yadda kike magana, kuma da sun ji baƙuwar murya za su san ba taki ba ce. Ki karanta da ƙarfi sau 5 ko 6 a cikin kwanakin nan, kina tsaye, da agogon waya. A gida ki nemi ya tsaya a minti 2 da 'yan daƙiƙai. In kin ga kin gama a minti 1 da rabi alhali kalmominki sun kai 250, sauri kike yi, kuma a ranar tsoro zai ƙara miki sauri. Lafazinki ba zai hana a fahimce ki ba, gudu ne ke hanawa. Sau ɗaya ki gwada a gaban wata abokiyar aiki haifaffiyar ƙasar, ki ce ta tsayar da ke a duk inda magana ta zo mata banbaraƙwai.

Ki rubuta a kati mai kauri da manyan baƙaƙe, fuska ɗaya. Farar takarda na rawa in hannu na rawa, kowa ya gani, waya kuma allonta na mutuwa a tsakiyar jimla ko saƙo ya faɗo. Hannu biyu gare ki, abubuwa kuma na iya zama uku: kati, makirfo da kofi. Ki ajiye kofin a kan tebur kusa da hannun damanki, sai kin zo fatan alheri ki ajiye katin ki ɗauke shi. Ki tsaya inda za ki ga fuskarta ba tare da kin ba jama'a baya ba, kuma kada ki fara sai ɗakin ya yi shiru. Ki bar manajar ta tsayar da hayaniyar ta gabatar da ke, ki sa a kashe kiɗa. Kada ki buɗe da ba da haƙuri cewa ba ki iya magana ba ko Turancinki bai nuna ba, wannan na sa a fara sauraron kurakurai maimakon labari.

Mai yiwuwa murya ta shaƙe miki a daidai wurin da ta ce je ki sha ruwa, musamman in kika haɗa ido da ita. Ki sa alama a katin a wannan layin. In abin ya zo, ki yi shiru, ki dubi katin, ki ja numfashi biyu, ki ci gaba. Shirun zai yi miki kamar minti guda, alhali bai fi daƙiƙa 5 ba. In kuma kin ga ba za ki iya ƙarasa tsakiyar ba, ki tsallake kai tsaye zuwa jimloli uku na ƙarshe da kika haddace: godiya, fatan alheri, a ɗaga kofi. Ki kuma kwafe jawabin da hannunki a wata takarda mai tsabta ki sa cikin katin bankwana da za a ba ta, don a cikin hayaniya da hawaye ba lallai ta ji duk abin da kika faɗa ba.